Sunan da Takarda Ta Ƙi

Shekarar fari, sojoji na mulki, Rakiya ce ke zana rumbunan hatsi da na'ura a wani biro, ofishin zane, na unguwar Plateau. Ba ta son hargitsi, kowane abu da kalk ɗinsa, wato nasa shafin daban a cikin zanen: bango ja, layi mai kauri; bututun ƙarƙashin ƙasa shuɗi, siriri, tsinke-tsinke. In ta buga, takarda fes.

Sai shef ɗinta Illiyasu, shugaban biron, ya goge sunanta daga zanen, ya sa nasa.

Ta mayar da sunansa kalk ɗin da ake gani a na'ura amma ba ya fita a takarda. Shi kuwa girman kai ba ya barinsa duba abin da aka buga.

Kullum yana kallon sunansa yana murmushi. Ita ma tana murmushi.