Cikin da Ba Ta Gada Ba

Ni da madara ba mu shiri tun ina saurayi. In na sha shayi da ita, kafin awa biyu cikina ya kumbura, ya yi ta ƙugi, in yini ina zarya bayan gida. Amma kindirmo ba ya yi mini komai. Da wannan ɗan sanin na ɗauki kaina likita.

'Yarmu ta fari tana da wata goma sha tara muka kai ta Argungu wurin mahaifiyata don yaye. Tun daga Birnin Kebbi matata take maimaita magana ɗaya a mota: ranar da yarinyar ta kurɓi shayi mai madara, nan take jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, ta yi amai. A gaban Inna ta sake faɗa cikin ladabi. Ni kuwa na yi dariya, na ce tsoro ne irin na haihuwar fari. Cikina ta gada, a ba ta kindirmo. Matata ta haƙura, don ba a musu da miji a gaban suruka.

Inna ta dama fura da kindirmo, ni na riƙe ludayin. Ba a yi minti goma ba leɓunan yarinyar suka kumbura, numfashinta ya koma fito. A kan babur muka kai ta asibiti, tana lanƙwashe a kafaɗata. Allurar da aka yi mata a cinya ce ta buɗe mata maƙogwaro.

Likitar ba ta raga mini ba. Ta ce nawa sukarin madara ne hanjina ya kasa narkarwa, tsami kuma yana rage shi, shi ya sa kindirmo ke zauna mini, kuma ciwon nawa iyakarsa wahala. Na yarinyar kuwa jikinta ne ke yaƙi da furotin ɗin nonon, wanda tsami ba ya cirewa, tafasawa ma haka. Cokali ɗaya na iya kisa. Nonon akuya ma ta hana. Ta ce a koma shayarwa, a haɗa da madarar waken suya in ta karɓe ta, da ƙwai, da zogale, da ƙananan kifi a dake har ƙaya. Kunun aya daɗi ne kawai, ba ya maye nono.

Inna ta yi ta kuka tana cewa, "Ni nad dama, ni nad dama." Matata ta rungume yarinyar ta juya mini baya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar tana shekara biyar yanzu, ana gwada ta a asibiti, har yau ciwon bai sake ta ba. Ban daina jin haushin kaina ba. Ko ruwa na miƙa mata, sai ta kalli uwarta tukuna.