Azkar Ɗin Malam Sani a Agogon Makka

Tun da masaƙar da yake aiki a unguwar Kakuri ta Kaduna ta rufe, Malam Sani ya koma sayar da taya a bakin titi, ya kuma naɗa kansa mai tunatar da unguwa azkar. Manhajar wayarsa tana lissafa lokutan salla daga garin da aka saka mata. In alfijir ya keto ta yi ƙara don azkar ɗin safe, a karanta kafin rana ta fito. In la'asar ta yi ta sake ƙara don na yamma, a gama kafin magariba. Da ta yi ƙara sai ya tura wa guruf ɗin masallaci: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku-uku, da Sayyidul Istigfari, ya ƙara da "Gafalallu, a farka!" Shi kansa ba a cika ganin leɓensa na motsi ba. Turawar ce ibadarsa.

Ƙarar ta yamma har maƙwabciyarsa Irene, Kirista mai tuyar ƙosai, ta amfana. Da ta ji sai ta hura wuta.

Sai surukinsa ya biya masa Umara. A can ya sauya garin manhajar zuwa Makka. Ya dawo, agogon waya ya koma na Najeriya da kansa, amma manhajar ta ci gaba da bin ranar Makka, wadda take riga ta Kaduna da wajen awa biyu. Saƙon safe ya riƙa shiga wayoyin jama'a tun asuba na da nisa, na yamma kuwa ana idar da azahar.

Ranar farko da jin ƙarar Irene ta zabura daga gyangyaɗi, ta hura wuta, ta ɗora mai, sannan ta ɗaga kai ta ga rana tsaka.

"Malam Sani, yamma ta yi ne, ko idona ne?"

"Alhaji za ki ce."

Tagwai, ladanin masallacin, ya same shi a shago. "Alhaji, yaya za mu ce *amsaina*, mun kai yammaci, alhali ko tuwon rana bai sauka ba? Kowa da ranar garinsu yake zikiri. Mayar da manhajar Kaduna mana."

Sani ya juyo masa da fuskar wayar, inda aka rubuta Makka ɓaro-ɓaro. "Wannan zan goge in sa Kaduna? Ka taɓa zuwa?"

Aka yi makonni ana haka, har liman ya sa aka hana shi tura saƙo a guruf. Sani ya yi fushi, ya buɗe nasa guruf ɗin. Mutum biyu suka shiga, matarsa da surukin.

Daga baya ya sauya garin zuwa Kaduna a ɓoye, amma sai da ya ɗauki hoton fuskar wayar mai sunan Makka, ya kai aka wanke masa, ya rataye a saman tayoyin.