Wasiƙar da Ta Manta Gaisuwa

Ina fassara wasiƙu a wani ofishi a Dutse, shugabanmu ya miƙo min takardar gayyatar wani hakimi taro, da Turanci. Ya ce in mayar da ita Hausa yadda take, ban da ƙarin gishiri.

Na ce masa takardar Bature ba ta gaisuwa. Hakimi kuwa sai an ce ranka ya daɗe, an tambayi iyali da jama'a.

Ya ce, “Malam, ba roƙo na aike ka ba.”

Na bi umarni, layi uku cif.

Kwana biyu sai ga amsa, shafi guda. Hakimi ya gaishe mu, ya tambayi iyalanmu da damina, ya yi mana addu'a. A ƙarshe ya tambaya ko rasuwa aka yi mana, don ya ga alamar a tsaye muka rubuta.

Shugaba, da yake ba ya jin Hausa, ya ce in fassara masa. Na fassara yadda take, ban rage gishiri ba.