Zoben ƙafar keken maigidana

Watan maigidana huɗu a kwance lokacin da aka samo masa keken guragu. Babbar mota ce ta ture shi daga kan babur a hanyar Takieta, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, da safe in tafi lakwal in koyar da zanen injuna, da rana in dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Ban yi kuka ba a watannin nan. Mutane suna ta yaba haƙurina, alhali ba haƙuri ba ne, ban dai jin komai ne.

Keken na hannu ne, wani ya riga ya mora. Ƙaramar ƙafar gaba ta hagu tana rawa, in an tura sai ta karkace ta cije. Shi kaɗai ba ya iya motsa shi ko taku ɗaya.

Ran Lahadi yayansa ya zo daga Mirriya ya zauna a bakin ƙofa.

"Madam, kin yi iya yinki," ya ce. "Amma kina lakwal, shi yana nan ko ruwa ba mai miƙa mai. Ran Asabar in zo da mota in kai shi gida wajen Inna."

Na ce, "Yaya, in keken ya gyaru zai iya zagaya gida da kansa."

"To, in ya gyaru."

Maigidana yana jin mu, fuskarsa na kallon bango. Na san in ya tafi Mirriya ba ranar dawowa, ni kuma aiki ba zai bar ni in bi shi ba.

Na kwance ƙafar. A tsakiyarta akwai gurbin da rulma ke zama, wato ƙarfen nan mai ƴan ƙwallaye da ke sa ƙafa juyawa. Na sayo sabuwa, na saka, ta faɗo. Gurbin ne ya cinye ya yi faɗi, ya ma daina zama da'ira. Na kai wa wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe, ya rarake mini shi ya koma da'ira sosai, milimita ashirin da takwas. Rulmar kuwa ashirin da biyu ce. Abin da ya rage shi ne zobe da zai shiga tsakani, ya kama gurbin ta waje, ya kama rulma ta ciki.

A lakwal muna da inji guda mai narka zaren roba yana shimfiɗa shi layi bisa layi har abin da aka zana ya tashi. Zaren iri biyu ne, na zaɓi wanda ke jure zafi, don ɗayan in ya sha ranar Damagaram laushi yake yi. Na zana zoben a ordinata, wato kwamfuta: waje ashirin da takwas, ciki ashirin da biyu, cif. Ni da nake faɗa wa ɗalibai kullum cewa inji ba ya ba ka daidai abin da ka zana, ni ce na rubuta cif. Kaina ba ya tare da ni.

Rulma ta ƙi shiga. Robar da ke fitowa da zafi tana ɗan bajewa, tana kuma tsukewa in ta huce, don haka rami kullum yakan fito ƙasa da zanensa. Na san wannan sarai. Duk da haka na ɗauko guduma na buga, zoben ya tsage gida biyu. Na tsaya ina kallonsa, ko haushi ban ji ba.

Ran Talata na yi na biyu, na buɗe ramin da rabin milimita gaba ɗaya. Rulma ta shige ta faɗo ta ɗaya gefen, ta gangara ƙarƙashin tebur. Ran Laraba aka ɗauke wuta aikin yana tsakiya, na dawo gida hannu wofi.

Ina ba shi abinci ya ce, "Injiniya, yaya zoben naki?"

"Yana zuwa."

"Idonki ya faɗa."

Na ce ya buɗe baki, kunun zai huce.

Ran Alhamis na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na zana ɗan faranti siriri mai ramuka huɗu, kowanne ya fi na bayansa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, na fitar da shi a injin a kwance yadda zoben zai kwanta, da zare iri ɗaya. Na bi su da rulma. Na farko ya ƙi. Na biyu ya karɓa da na danna da manyan yatsu biyu da ƙarfi, na juya farantin na girgiza, ba ta faɗo ba. Na uku da na huɗu sun yi sako-sako. Tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya saki, kaurin gashi biyu ko uku ne kawai. Na yi wa faɗin zoben na waje irin wannan gwajin da ƴan zobba gajeru, wanda na rage wa kashi ɗaya cikin goma shi ya zauna. Sai na lura gindin kowane zobe yana da ɗan leɓe, domin layin farko inji yana danne shi a kan nasa farantin ya baje. Na sassabe bakin a zane yadda leɓen ba zai tokare ba.

Ran Juma'a da la'asar na matse zoben cikin ƙafar da matsi na ƙarfe, a hankali, ban taɓa guduma ba. Rulma ta bi ta zauna. Na ɗaura ƙafar, na kaɗa ta da yatsa, ta yi ta juyawa shiru ba rawa. Na ɗauko maigidana na zaunar da shi a keken. Ya kama manyan ƙafafun ya tura, keken ya tafi tsaf a kan siminti har bakin randa. Ya ɗebi ruwa da moɗa ya sha, rabi ya zube a rigarsa. Ya dawo, ya sake zuwa. Na ce a raina ya kamata in yi murna, na jira ta, ba ta zo ba. Na shiga na ɗora tukunya.

Asabar da hantsi yayansa ya iso. Na ja gefe don ya gani da idonsa. Maigidana ya fito daga ɗaki shi kaɗai, ya zagaya tsakar gida, ya juya a gaban madafa ba tare da ƙafar ta cije ba.

"Ikon Allah," in ji yayan. "To ai shi ke nan, Madam. Sai in koma."

"Tsaya, Yaya," maigidana ya ce. "Ɗauko mini jakata, tana bayan ƙofa."

Ban san ya haɗa jaka ba. Ashe tun jiya da nake madafa ya yi ta kai da kawowa yana tattara kayansa, tunda yanzu yana iya kai hannu ko'ina.

Na ce, "Malam, keken ya gyaru fa."

"Ya gyaru. Aikinki ya yi kyau." Bai kalle ni ba. "Wata huɗu ban ji kin yi dariya ba, ban ji kin yi kuka ba. Da ina kwance ba ni da ta cewa, sai inda aka ajiye ni. Yanzu da kaina zan tafi. Ki yi barci."

Ya tura kansa ta cikin zaure har bakin mota, ba wanda ya taɓa keken. Ni na naɗe shi na sa a baya. Yayan ya tambaye ni ko zoben zai daɗe. Na ce kada a bar shi cikin rufaffiyar mota da rana, in kuma ya fara rawa a aiko mini, ina da awon.