Farin Ƙyalle a Katangar Likita

A shekarun da nake ba da labari, wutar Damagaram ba ta da ƙashin baya. A namu gefen gari, injin gazuwal, wato dizal, guda ne, muna ce masa gurub, shi ke ba izin ɗinmu, wato masana'antar ɓarar gyaɗa, wuta, shi ke kuma ba ƙaramin gidan likitan da ke bayan katangarmu. Ni ne mai kula da shi, da kuma babban moter mai juya injin ɓara.

Moter ɗin nan maye ne wajen tashi. In ka ba shi wuta kai tsaye, sai ya zuƙi ninki shida na abin da yake ci in yana gudu. Gurub ya yi nishi, ampul, wato ƙwayayen fitila, duka su koma ja kamar garwashi. Shi ya sa aka yi masa hannu mai mataki biyu. Ka ja zuwa matakin farko, etuwal, ya sha kashi ɗaya cikin uku na waccan zuƙar, amma ƙarfinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne. Ka tsaya, ka kasa kunne har kukansa ya sirance, sannan ka tura zuwa na biyu, tiriyangil. Kuma ba a tayar da shi da gyaɗa a cikin injin. Sau da yawa na zagi leburori a kan wannan, har suna ce mini sarkin faɗa.

Ko an bi duk wannan, wuta takan ɗan dushe. To ɗakin fiɗar likita rufe yake ruf saboda ƙuda, ko da rana tsaka fitila ce idonsa, ga na'urar zuƙe jini. Sai muka yi shiri da anfirmensa, wato malamin jinya, wani dattijo Babarbare: in za su yi aiki, ya rataya farin ƙyalle a katanga. In na ga ƙyalle, ba na taɓa hannun moter, ko shef, shugaban izin, zai mutu da haushi.

Kakar farko bayan samun 'yanci, ana shirin bikin jamhuriya, aka lulluɓe katangar nan da tutoci, kowace da farinta a tsakiya. Da hantsi moter ya tsaya, igiyar da ke jan injin ta zame. Muka mayar. Raƙuma da jakuna masu kawo gyaɗa sun cika fili, shef yana ta ihu a kaina. Na ɗaga kai na dubi katanga. Wallahi na duba. Tutoci na gani suna kaɗawa.

Injin cike yake da gyaɗa, kwashewa sai ta ci rabin awa. Ni da nake zagin mutane, ni na ce a bari. Na ja zuwa etuwal. Moter ya yi gurnani, yana juyawa da ƙyar, ya ƙi ɗaukar gudu. Abin da ya kamata in yi na sani sarai: in kashe. Sai zuciya ta ɗebe ni, na banka shi tiriyangil.

Ampul ɗin da ke kaina ta yi ja, ta koma baƙi-baƙi. Wuta na faɗuwa, ƙarfin moter na ƙara faɗuwa, shi kuwa bai daina zuƙa ba. Gurub ya yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, makullin tsaronsa ya faɗi. Komai ya yi tsit. Cikin shirun nan na ji muryar anfirme ta bayan katanga: "Wuta! Don Allah, wuta!"

Na kashe hannun moter, na ruga ɗakin gurub. Shi ma ya mutu. Kafin in tayar da shi in mayar da makulli, ban san minti nawa ba ne. Na ƙirga su shekara da shekaru, ba su taɓa fitowa daidai ba. Da na fito na ga ƙyallen, yana nan tsakanin tutoci biyu, iska ta naɗe shi.

Wadda ake yi wa aikin matar wani manomi ce daga Tirmini, haihuwa ta gardama. An ciro ɗan da rai, ita ba ta kai azahar ba. Anfirme ya ce mini ta zo jini ya riga ya ƙare mata, wataƙila ko da wuta ba za ta tashi ba. Wataƙila ya ce, kuma bai dubi idona ba. Har ya rasu ban sake tambayarsa ba, tsoro nake ji.

Da la'asar mijin ya shigo izin yana neman mai wuta. Na miƙe, a raina na ce yau asirina ya tonu. Sai ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, an ce kai ka yi gudu ka maido da wuta, har aka samu aka ceci yaron. Allah ya saka maka da alheri."

Leburorin da suka ga abin da na yi suna tsaye suna kallona. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya. Abin da ya fito shi ne amin.