Ludayin Kawu a Bokitin Giya

A shekarata ta biyu a Guangzhou na fara shan giya a ɓoye. Ba wanda ya tilasta ni. Ina zaune ne da ƙanin mahaifiyata a wani gida kusa da titin Huanshi Lu, shi ya kawo ni daga Kano in riƙa haɗa masa kayan waya. Da zai tafi gida na wata guda, ya miƙo mini mukulli ya ce, "Na bar maka gidan. Kai ba yaro ba ne."

Tsoron kada ’yan uwa su gan ni da kwalba a kanti ya sa na ce zan dafa tawa. Wani ɗan Kumasi mai aikin tura kwantena, Kirista ne, yana yi a gidansa, shi ya yi mini odar kayan: bokiti mai murfi, gwangwanin ruwan tsiron sha'ir mai kauri kamar zuma, wani ganye mai ɗaci da suke kira hofs, ƙullin yis, da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ya ce, "Ɗan Kano, wanki daban, kashe ƙwayoyi daban. Da ka sauke tukunya daga wuta, duk abin da zai taɓa ruwan nan sai ya sha magani. Har hannunka mai jan carbi."

Na yi dariya, na ce mu da muke tsarki sau biyar a rana za a koya wa tsabta?

Na bi sauran maganarsa. Na wanke bokiti da murfi, na jiƙa su a maganin. Na tafasa ruwa, na narka tsiron a ciki, na zuba hofs, na bar shi awa guda yana ɓararraka, na ƙara wani kaɗan dab da saukewa. Gidan ya cika da warin jiƙaƙƙen dusa. Na tsoma tukunyar a bahon ƙanƙara har ta huce, domin zafi yana kashe yis. Na juye a bokiti. Sai na ga ina bukatar abin motsawa. Ludayin duma na Kawu yana rataye a ƙusa, wanda yake dama fura da shi da yogot, tunda nono ba ya samuwa a nan. Na ɗauraye shi sau uku, na ce ai ya tsarkaka. Na motsa sosai, na barbaɗa yis, na rufe, na cusa ’yar robar nan mai ruwa da ke fitar da iska ba ta bari ta shiga. Ɗan Kumasi ya ce a ajiye a wuri mai sanyi mako biyu, amma kullum in zan fita sai na kashe na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar da zan ɗura a kwalabe, na shirya ɗan sukarin da ake sawa don ta yi kumfa, na ɗaga murfi. Wata farar yana ta rufe saman ruwan, da ƙuraje-ƙuraje a jikinta kamar fatar da ta ƙone. Warin ya doke ni, warin ruɓaɓɓen nono haɗe da amai. Duk da haka na ɗanɗana, wannan ma laifina ne. Na kwashe minti goma a banɗaki ina kakari.

Na tura wa ɗan Kumasi hoto. Ya kira ni.

"Da me ka motsa?"

"Ludayi. Na wanke shi."

"Na fura? Abokina, duma yana da ƙananan ramuka, abin da ke tsamar da nono a ciki yake zama. Magani ma ba ya kai musu. Kai ka ba su sukari da ɗumi. Zubar kawai."

Na zubar a masai, na kai bokitin bola can nesa da layinmu, na goge gidan, na kunna turaren wuta kwana uku. Ludayin kuwa na wanke shi na mayar ƙusarsa, don in ya ɓata za a tambaya.

Kawu ya dawo ranar Laraba. Ranar Juma'a muka taso daga Masallacin Huaisheng, ya zauna ya fito da furar da ya zo da ita daga Kano, ya miƙa hannu ya zaro ludayin. Ina kallo ya kusa tsoma shi a kwano. Warin bokitin nan ya taso mini a maƙogwaro, ko da yake ba wani wari a ɗakin.

Na ce, "Kawu, kada ka sa shi."

Na faɗa masa komai, tun daga kwalbar farko. Bai ɗaga murya ba. Ya juya ludayin a hannunsa ya ce, "Da na sha, da ka yi shiru?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan.

Ya sa shi a leda ya ɗaure, ya ce in kai inda na kai bokitin. Da na dawo, mukullin da na bari a kan tebur ba ya nan. Ya dama furarsa da cokalin ƙarfe, ya zuba mini tawa. Giya ban ƙara taɓa ta ba. Amma shekara guda na yi ina ƙwanƙwasa ƙofar gidan da nake kwana.