Noman da Lawali ya ci bashi

A Madarumfa kowa ya san Lawali mai gyaran keke ba ya faɗuwa. Ko ya faɗi, sai ya ce ƙasar ce ta taso ta same shi. Taubashinsa Mamman, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tun suna yara ya ɗau aniyar ganin bayan wannan baki. Lawali ɗan namiji ne, Mamman ɗan mace, don haka a wasan taubasai Lawali ne ubangida, kuma bai taɓa barin "bawansa" ya manta ba.

Daminar 1994, ranar da Najeriya za ta kara da Italiya a kofin duniya, suka ƙulla. Kuɗi caca ne, ba su sa ba. Wanda ƙungiyarsa ta koma gida zai yi wa ɗayan maimai a gonar hatsi. Suka haɗa hannu, Bala mai shayi ya raba, ya zama shaida. Lawali ya ɗauki Najeriya, Mamman Italiya.

Da yamma aka jona tele da batirin mota. Najeriya ta ci ɗaya, aka kori ɗan Italiya guda, Lawali har ya fara tambayar Mamman ko hauyarsa na da kaifi. Ana dab da tashi Italiya ta rama, aka ƙara lokaci, ta ci fanareti.

Washegari Mamman ya zo rumfar gyara da hauya a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, ga sandar mulki na kawo."

"Kai, mai kai kamar tulun garin Safo, an tashi ɗaya da ɗaya. Ƙarin lokaci gyara ne, kamar na mai awo. Wa ya ƙulla da kai bisa gyara?"

"Baki kamar tsohuwar taya, kullum faci. Hala 'yan wasanka can suka kwana?"

Zagin taubashi ba a fushi da shi, wanda ya ɓata rai ya faɗi sau biyu. Lawali ya ji zafi har wuya, amma ya yi dariya, ya ce a kira shaida. Bala ya ce shi ba minti ya raba ba, komawa gida ya raba, kuma an koma.

Ba noman ne ya dami Lawali ba, sai a ce ubangida ya duƙa wa bawa. Duk da haka ya tafi da sassafe, rabin unguwa na biye don kallo. Ya nome gonar tas, bai bar ciyawa ko ɗaya da za a yi masa gori da ita ba. Mamman na gindin gawo yana ba da umarni.

Da ya gama sai ya share gumi, ya dubi taron.

"Ku shaida. Bawa da gonarsa duk na ubangijinsa ne. Gonata na nome, wannan malalaci gadi nika ba shi."

Da kaka kuwa ya zo da amalanke ya ɗauki dami biyu. Mamman ya bi shi da zagi har bakin hanya, amma bai iya hana shi ba.